Kada ka rage naka don wani ya cika aljihu

Tambaya: Malam, mu biyar ne ke yin kilishi a unguwarmu a Jidda. Mun yi rantsuwa kowa kilo 20 zai fitar a mako, a sayar riyal 100. Yanzu sai an sauko 96 ake saye, kuma kowa ya ce bai ƙara ba, har da ɗan yayata. In rage nawa ne farashi ya koma?

Amsa: Alhaji, kada ka rage ko tsinke ɗaya. Kuskurenka shi ne ka ɗauki rantsuwa a matsayin sikeli. Akwai wanda ya ƙara, kuma ba sai mugu ne ba, lissafi ne ya ja shi.

Mu ƙaddara kilo yana cin riyal 60, nama da ƙuli da ɗan aiki. Ribar kowa 800 ke nan a mako. Sai ɗayanku ya ɓoye ya ƙara kilo 10, farashi ya zame zuwa 96. Shi yanzu kilo 30 yake sayarwa da ribar 36, ya tashi da 1,080. Ku huɗun kuwa kowa ya koma 720. Ya ci 280, kun yi asarar 320. Ka ga inda gizo ke saƙar: kuɗin ƙarin nasa ne shi kaɗai, faɗuwar farashi kuwa ku biyar kuka raba. Kowane ɗayanku, har da kai, wannan ƙofar a buɗe take gabansa. In duk kuka bi ta, kilo 150 za su iya kai farashi 80, kowa ya ƙare da 600.

To, ka rage kilo 10 farashi ya koma 100. Kai ka samu 400, shi 1,200. Wa ka yi wa aiki?

Ƙasar da kake zaune ma ta gwada. Da OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, ta fara raba kason man da kowace ƙasa za ta haƙo a 1982, wasu mambobi suka riƙa wuce nasu, Saudiyya na rage nata don tare farashi. Daga ganga kusan miliyan 10 a rana a 1981 ta sauko ƙasa da miliyan 3 a tsakiyar 1985. Da ta gaji ta buɗe famfo, a 1986 ganga ta faɗi ƙasa da dala 10. Masu ministoci ke nan, balle ku.

Ni ma na taɓa shiga irin wannan haɗaka a harkar goro. Wata biyu ina tsare alƙawari, ashe abokina farashi ɗaya yake faɗa a baki, amma yana cika gyara, yana ba da bashi. Nan ake gane mai ƙari, nan da wurin mahauci: tambayi cinya nawa ɗan yayarka ke ɗauka a mako.

Sannan dokar gasa ta Saudiyya ta hana 'yan kasuwa haɗa baki kan farashi ko yawan kaya, akwai tara. Ba ka da inda za ka kai ƙara ke nan. Ka sanar da su ka fita, ka nemi nama mai sauƙi, ka riƙe masu sayenka da ɗanɗano.