Za su rufe tsohon API, dashbod ɗinmu ya dogara da shi

Tambayar da aka tura a guruf: "Yaya, an turo mana imel wai nan da wata uku za a rufe `v1` na API ɗin da dashbod ɗinmu ke jawo bayanai. In na canja adireshin zuwa `v2` shi ke nan?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. A'a, canja adireshin shi ne ƙaramin aikin. Ka saurare ni da kyau, don abin da nake tsoro a irin wannan shi ne dashbod ya ci gaba da nuna lambobi alhali sun daina zama gaskiya. In ya faɗi da `404` ko `410`, wannan da sauƙi, kowa zai gani a zo a gyara.

Ka duba abin da ya faru da Google Analytics. Daga 1 ga Yuli 2023 Google ya fara dakatar da karɓar sabbin bayanai a tsohon tsarinsa, wato Universal Analytics, amma tsohon API ɗin bai mutu a ranar ba, sai da aka kai Yulin 2024. To a tsakanin nan, kana kira yana amsa maka da `200`, wato lafiya lau, sai dai babu sabon abu a ciki. Wanda dashbod ɗinsa ke nuna jimillar wata, ko yake riƙe lambar ƙarshe da ya samu, zai iya yin kwanaki bai lura ba. Shi ya sa tun yau, kafin ka taɓa komai, ka sa dashbod ya riƙa rubuta kwanan watan layi mafi sabo da ya shigo. Ka lura, ba lokacin da aikin jawowa ya gudana nake nufi ba, domin aikin zai iya gudana ya dawo hannu rabbana. In kwanan ya wuce kwana biyu bai motsa ba, a turo maka saƙo.

Sai sunaye, kuma nan ne nake so ka natsu. A tsohon API na Google akwai `ga:pageviews`, a sabon, wato na Google Analytics 4, ya koma `screenPageViews`. Wannan ba damuwa, in ka manta za ka ga kuskure nan take. Mai cutarwar shi ne wanda sunan bai canja sosai ba amma ma'anar ta canja. `ga:bounceRate` ya koma `bounceRate`. A da, mutum ya buɗe shafi ɗaya, ya yi minti guda yana karatu, ya fita, ana ƙirga shi cikin waɗanda suka juya, wato abin da `bounceRate` ke aunawa. A sabon, tun da ya wuce daƙiƙa 10, ba a ƙirga shi. To ka ga in ka liƙa sabon a kan tsohon cikin zane ɗaya, layin zai sauko, oga ya ɗauka shafin ne ya gyaru, ya yanke shawara a kan haka. Wallahi wannan yana damuna, domin babu wanda ya yi ƙarya amma an ɓatar da mutum.

Akwai kuma yadda ake raba amsa shafi-shafi. Tsohon yana ba ka `nextPageToken` in da saura. Sabon yana aiki da `limit` da `offset`, kuma in ba ka faɗa ba layi 10,000 yake ba ka. Kod ɗin da ke jiran `nextPageToken` bai gan shi ba zai ɗauka an gama. A ce rahotonka layi 14,000 ne, 4,000 sun tafi ke nan babu hayaniya. Ka riƙa gwada yawan layukan da ka karɓa da `rowCount` da amsar ta zo da shi. Naku API ɗin ma ka nemi makamancinsa.

Ga yadda zan yi da wata ukun nan. Kada dashbod ya riƙa kiran API kai tsaye. Ka sa aikin jawowa ya zuba bayanai a teburinka, da sunayen da kai ka zaɓa, dashbod ya karanta daga nan. Sai ka kunna `v1` da `v2` tare na mako uku ko huɗu, kowanne da teburinsa, kana gwada jimillar kowace rana. Duk inda suka saɓa, ka gano dalili: ma'ana ce ta canja, ko agogon da ake yanke rana da shi, ko layuka ne suka ɓace. Abin da ma'anarsa ta canja, ka ja layi a zanen ranar da aka sauya, ka rubuta bayani a ƙasa.

Kuma don Allah a makon nan ka sauke duk tsohon tarihin daga `v1` ka ajiye, kada ka jira watan ƙarshe. A lamarin Google, sabon bai ɗauko tarihin tsohon ba, wanda bai sauke nasa ba kafin Yulin 2024 ya rasa shi. Ka turo min takardar sauye-sauyen da suka fitar da jerin abubuwan da dashbod ɗin ke jawowa, mu bi su ɗaya bayan ɗaya da daddare.