Mai hoto ya ce zai goge gilashin Baba a kwamfuta

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina nan Daura, zan sabunta wa Baba fasfo, an ce sai an ɗora hoto wajen cike takarda. Hoton da muke da shi yana sanye da gilashi, ga labule da kalanda a bayansa. Yaron shagon ya ce zai goge gilashin ya mayar da bayan fari. Don Allah za a karɓa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Don girman Allah kar ki bari ya taɓa hoton nan. Ina ganin tambayarki gabana ya faɗi, domin irin wannan "gyaran" ne ya sa Hajiyarmu kuka a Abuja.

Biza muke nema mata za ta je duba ido. Na kai ta wani shagon hoto a nan cikin Katsina, mai shagon ya ɗauke ta da gilashinta, haske ya ɗau ido a kai. Na ce a sake, ya ce mini, "Haba Hajiya, ai wannan aikin minti biyu ne, ki bar tsohuwa ta huta." Ya zauna ya goge, ya yanke bayan ya zuba fari, har da shafe mata fuska wai don ta fito. Muka kwashi hanya da tsohuwa mai ciwon ƙafa, muka biya masauki, muka yi sammakon layi. Matar da ke karɓar takardu ta ɗaga hoton ta dubi Hajiya, ta sake duban hoton, ta turo mana shi ta ƙarƙashin taga ta ce an taɓa shi. Kafin mu samo wani wurin hoto mu dawo, lokacinmu ya wuce. Hajiya ta zauna a bakin hanya tana goge ido da gefen hijabi tana cewa ita ta wahalar da mu. Wallahi har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Da na koma wa mai shagon, ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi kullum haka yake wa mutane, su ne dai suka cika tsanani. Kuɗina ma bai mayar ba. Na bar shi da Allah.

Sai da na nutsu a gida na duba hoton na ga abin da matar ta gani. Shatin gilashin yana nan a karan hancinta, wurare biyu a lotse, amma babu gilashi. Ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Zanen kumatunta na gado ya dushe kamar ba a taɓa yi ba. Gefen hijabin kuma kamar da almakashi aka bi shi, ga wani siririn layi mai duhu na tsohon labulen ya kewaye kafaɗarta.

Kin ga, kyamara ba ta ɗauki abin da ke ƙarƙashin ƙarfen gilashi ba. In an goge shi, kwamfuta ce ke ƙirƙiro fata da gira da gefen ido ta cike gurbin. Kuma gilashin magani yana ƙara wa ido girma ko ya rage shi, gogewa ba ta mayar da idon yadda Allah ya yi shi. Su kuwa injinan tantance fuska wurin idon nan suka fi dogara da shi. Shi ya sa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda fasfonmu yake bi, take son hoton ya zama ainihin kamannin mutum. Amurka ma tun 1 ga Nuwamba 2016 ta hana gilashi gaba ɗaya a hoton fasfo da biza, sai wanda ya kawo takardar likita. Birtaniya ta rubuta ƙarara kada a sauya hoto da manhajar kwamfuta. Wasu ƙasashen suna barin farin gilashi in bai rufe ido ba kuma bai ɗau haske ba, amma me zai kai ki wannan caca? Baba ya cire shi da hannunsa, magana ta ƙare.

Bayan hoton ne ya fi yaudarar mutane, don gani ake ai ba fuska aka taɓa ba. To an taɓa. Manhajar da ke cire baya ba ta san inda gemu ya ƙare labule ya fara ba. Sai ta ci kunne, ta aske furfurar gefen gemu, ta gutsure kafaɗa. Ko kalandar kaɗai aka goge, wurin yana barin dabbare-dabbare. Ki buɗe hoto a waya ki ja shi da yatsu biyu ya girma, ki bi gefen kai da kunne a hankali. In kin ga layin haske ko wani yanke mai kaifi, su ma za su gani.

Haka nan kar a goge tabon sallah, ko zane, ko tawadar Allah, ko kurji. Kar a haska fata. Kar a liƙa masa kwat ko wata riga da bai sa ba, abin da yaran shago suka fi so ke nan. Ko ido ya yi ja saboda filashi, sake ɗauka ake yi, ba a fentinsa. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muka mayar da haske kamar shi ne kyau. Ɗiyar maƙwabciyata hoton makaranta aka yi mata, sai da uwarta ta tambaya ko ita ce. Wa ya ce musu baƙar fata aibu ce?

Abin da aka yarda da shi kaɗan ne: a datse hoton ya zo daidai awon da aka nema, a rage masa nauyi don ya hau shafin. Awon ma ki bi wanda shafin ya rubuta, don ba ɗaya ba ne. Ƙasashen Turai da yawa milimita 35 a 45 suke so, Amurka kuwa inci 2 a 2. Wajen ragewar a kula kar a matse shi ta gefe ɗaya, fuskar ta yi tsawo ko faɗi.

Ki sake ɗaukarsa kawai, ko a gida. Ki samu farin zanen gado mara ado, a goge shi da dutsen guga, a ɗaure shi ya miƙe a bango. Kar ki sa shadda, tana ƙyalli. Da hantsi, a inuwa inda haske ke zuwa masa ta gaba, ba cikin rana ba. Ya matso daga bangon kamar taku ɗaya don inuwarsa kar ta faɗa a kai, mai ɗauka ya ja baya kamar taku biyu, wayar daidai tsayin idonsa. Kyamarar baya za a yi amfani da ita, a shiga a kashe gyaran fuska, wanda wayoyi da yawa ke rubutawa "Beauty", da "Portrait" mai dusar da baya. Wasu wayoyin a kunne suke zuwa da shi ba ki sani ba. Ya sa riga mai duhu, don farar riga ɓacewa take cikin farin baya. Ya cire gilashin tun kafin a fara ya ɗan zauna, shatin hanci ya baje, idon ya daina ƙanƙancewa. Hular ma ya ajiye ta. Ku mata, hijabi ba matsala, in dai fuska ta fito tun daga goshi har haɓa.

Kuma in za ki tura wa mai cike takardar, ki tura ta "Document" a WhatsApp, in ba haka ba hoton raguwa yake ya dushe. Ki tsaya a kansa har ya ɗora wanda kika ba shi, kar ki juya baya ya ce bari ya ɗan gyara. Ranar ɗaukar hoto da yatsu a ofis, fuskar Baba za su gani ido da ido, gara abin da ke takarda ya zama shi ne. Ki gaishe mini da shi, Allah Ya sa a gama lafiya.