Launin tauraro da zafin jikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Malaminmu na kimiyya ya ce tauraro mai launin shuɗi ya fi ja zafi, ni kuma a ganina ja ne launin wuta. Ta yaya ake gane zafin abin da ba wanda ya taɓa zuwa kusa da shi, daga launinsa kawai? (Wani ɗalibi daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiyar malaminku, kuma kowane maƙeri ya san rabin dalilin. Ƙarfe idan ya shiga wuta, ja mai duhu yake fara yi. In aka ci gaba da zuga sai ya koma ruwan goro, daga nan rawaya, har ya kusa fari. Ashe ja shi ne matakin farko, mafi ƙarancin zafi cikin masu ba da haske. Da akwai abin da zai jure zafin ya wuce haka da nisa, da an ga farin ya soma karkata zuwa shuɗi. Tauraro dunƙulen iskar gas ne mai tsananin zafi, kuma dokar da ƙarfen ke bi ita yake bi.

Haske yana tafiya ne zango-zango, kuma tsawon zangon shi ne launi. Ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita: shuɗi wajen 450, kore wajen 530, ja daga 650 zuwa 700. Abu mai zafi yana fitar da dukkan launuka a haɗe, amma akwai zangon da ya fi ƙarfi, kuma wannan zangon yana gajarta duk lokacin da zafi ya ƙaru. Bajamushe Wilhelm Wien ne ya fitar da ƙa'idar a 1893: ka raba 2,898,000 da zafin abu a ma'aunin kelbin, abin da ya fito shi ne zangon da ya fi ƙarfi a nanomita. Kelbin kuwa digirin salshiyas ne da ƙarin 273.

A daren hunturu nemi taurarin nan uku da suka jeru a layi ɗaya, tsakiyar rukunin da ake kira Orion. A gefe ɗaya akwai Betelgeuse mai ruwan goro, a ɗaya gefen Rigel fari mai shuɗi-shuɗi. Betelgeuse yana wajen kelbin 3,600, don haka ƙololuwar haskensa, wato zangon da ya fi ƙarfi, tana kusan nanomita 800, can bayan ja inda ido ba ya gani. Abin da ya rage mana ja ya rinjayi shuɗi a ciki. Rigel yana wajen 12,000, ƙololuwarsa kusan 240, ita ma ta fice daga ganin ido, amma ta ɓangaren shuɗi. Rana tana tsakani da kusan 5,770, ƙololuwarta wajen 500. Wannan zango ne na kore mai shuɗi-shuɗi, amma rana ba koriya ba ce, domin tana zubo ja da shuɗi kusan daidai da koren, ido kuma ya haɗa su ya ga fari. Shi ya sa ba za ka ga koren tauraro ba. Sauran ƙananan taurari da kake gani farare, ba lallai ne su zama farare ba: ƙwayoyin ido masu gane launi ba sa aiki a raunin haske.

Masana ba sa farautar ƙololuwar nan, tunda sau da yawa tana inda iskar duniya ke tare ta. Abin da suke yi shi ne su auna hasken tauraro sau biyu, ta gilashin da ke barin shuɗi kawai ya wuce, ana kiransa B, da wanda ke barin kore mai rawaya, ana kiransa V. Harold Johnson da William Morgan ne suka daidaita wannan tsari a 1953. Sai a cire lambar V daga ta B. A lissafin hasken taurari ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa, saboda haka tauraro mai zafi, wanda shuɗinsa ya yi ƙarfi, yana ba da B−V ƙarami ko ƙasa da sifiri, mai sanyi kuma ya ba da babba. An ɗauki taurari irin Vega a matsayin sifiri. Rana tana da 0.65.

Akwai lissafi mai sauƙi da wani masani mai suna Ballesteros ya wallafa a 2012 na mayar da wannan lamba zuwa zafi:

```
x = 0.92 * (B - V)
T = 4600 * (1/(x + 1.70) + 1/(x + 0.62))
```

Mu gwada shi da Arcturus, tauraron nan mai ruwan goro da ke haskawa sosai da dare daga bazara zuwa tsakiyar damina. B−V ɗinsa 1.23 ne. Ka ninka da 0.92, ka sami 1.13. Ƙara 1.70 ya zama 2.83, ɗaya a raba da shi 0.353. Ƙara 0.62 kuma ya zama 1.75, ɗaya a raba da shi 0.571. Jimillarsu 0.924, in ka ninka da 4,600 sai ka sami kusan kelbin 4,250. Awo mai zurfi ya ba Arcturus wajen 4,300. Lambobi biyu kacal, ga amsa kusa da daidai. Ka sa 0.65 na rana da kanka, za ka sami wajen 5,780.

Ga taurari masu matsakaicin zafi kamar waɗannan biyun na yarda da lissafin. Ga masu tsananin zafi kuwa ban cika amincewa da shi ba. Rigel yana da −0.03, lissafin ya ba shi kusan 10,500, ya gaza da 1,500. Dalili ɗaya shi ne tauraro ba ya bin ƙa'idar sau da ƙafa, domin iskar gas da ke samansa tana shanye wasu zanguna. Na biyu, in zafi ya wuce 10,000, gilasan biyu duk jelar hasken suke gani, nesa da ƙololuwar, sai launin ya daina canjawa sosai. Tsakanin tauraro mai 20,000 da mai 40,000 bambancin B−V kusan 0.1 ne kawai, don haka ɗan kuskure a awo yana jawo kuskuren dubbai.

Babban mai ruɗi shi ne ƙurar da ke tsakanin taurari. Tana warwatsa shuɗi fiye da ja, sai tauraro ya iso mana da alamar sanyin da ba shi da shi. Tauraron Zeta Ophiuchi yana nuna B−V na 0.02, wanda lissafinmu zai ce kusan 9,900, alhali zafinsa ya haura 30,000. Ana kama wannan ne ta hanyar baje hasken tauraron kamar bakan gizo a duba baƙaƙen layukan da ke ciki. Layukan iskar hiliyam da aka gani a nasa ba sa fitowa sai a tauraro mai tsananin zafi, ƙura kuma ba ta goge su. Irin wannan tauraro ya kamata ya nuna wajen −0.30, don haka rarar 0.32 aikin ƙura ce, sai an cire ta kafin a yi lissafi. Iskar duniyarmu ma tana yin haka, shi ya sa in za ka gwada launi da idonka ka jira tauraron ya yi sama sosai, kada ka duba yana goshin fitowa ko faɗuwa.

Duk alƙaluman nan na fatar tauraro ne, wato saman da haske ke kuɓucewa daga gare shi. Tsakiyar rana tana kusan kelbin miliyan 15, kuma launi ba ya nuna wannan kai tsaye.