Tambayar da amsarta ba ta kwance a layi ɗaya

Tambaya: Jama'a, ina koyar da Hausa a aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Kano. Duk tambayar auna fahimta da na yi, yara sai su kwafo jimla daga labarin. Yaya zan yi tambayar da za ta sa su yi tunani?

Malama, gyaran daga labarin yake farawa. Idan labari ya faɗi komai, ba abin da ya rage a gano. Ki rubuta gajere, ki ɓoye abu ɗaya da gangan, amma ki bar masa alamu aƙalla biyu. Ga misali:

"Da Audu ya dawo daga Kasuwar Rimi, buhun gawayin yana nan ɗaure a bayan kekensa. Bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba. Hajara ta dubi buhun, ta mayar da babbar tukunya, ta ɗauko ƙaramar."

Idan kika ce "Daga ina Audu ya dawo?", yaro zai ɗora yatsa a kan amsar ko bai fahimci komai ba. Amma ki ce "Me ya sa Hajara ta ɗauko ƙaramar tukunya?" Nan dole ya haɗa buhun da bai kwance ba da sallamar da ta yi sanyi, ya gane Audu bai yi ciniki ba, don haka cefanen yau kaɗan ne. Ba inda aka rubuta wannan, amma labarin ya nuna shi.

Idan tambayar ta zaɓi ce, amsoshin bogi su suka fi cin lokaci. Kowace ta kama irin nata kuskuren. "Don Audu ya dawo daga kasuwa" tana kama mai kwafe. "Don Audu ya yi faɗa a kasuwa" tana kama wanda ya tsaya kan alama ɗaya, ya manta da buhun. "Don babbar tukunyar ta fashe" kuwa ta mai ƙirƙiro abin da babu ce. Kada amsar daidai ta fi sauran tsawo, yara sun daɗe da gano wannan.

Kafin ki shiga aji, ki gwada ta hanya biyu. Ki rufe labarin, ki ba wata malama tambayar kaɗai; in ta ci, sanin duniya kike aunawa. Sannan ki nemi jimlolin da amsarki ta dogara a kai, ki ja musu layi. In ba ki samu ba, ra'ayinki ne kawai. "Wane irin miji ne Audu?" a nan take faɗuwa, domin jimla uku ba su isa a yanke masa hukunci ba.

Ni dai na fi son a ƙara "Kawo hujja daga labarin", a ba amsa maki 1, hujja maki 2. Wani yaron zai ce Audu ba shi da lafiya ne, shi ya sa ya juyo da kaya. Hujjarsa ta zauna a kan buhu da sallama, sai dai ba ta bayyana tukunyar ba. Ki ba shi rabin makin hujja, ki tambaye shi: to tukunyar fa?