Jerin kayan shago ya yi tsawo: yadda za ka san rukunin da ya riƙe jarinka

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan masarufi a babbar kasuwar Gombe. Yarona ya shigar da kayan cikin Excel, layi ya haura 800, kowanne da suna, rukuni, adadi da farashi. Ina so in ga jimillar kowane rukuni, da wanda ya fi cin kuɗi. An ce PivotTable ke yin wannan. Ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, kafin ka taɓa PivotTable akwai aiki ɗaya da za ka yi a kan jerin kansa, kuma a nan ne yawancin mutane ke yin tuntuɓe. PivotTable gwanin tarawa ne, amma ba ya bin layi-layi yana ninka adadi da farashi. Don haka ka ƙara ginshiƙi na biyar, ka sa masa suna Daraja. Idan adadi yana C, farashi yana D, rubuta wannan a E2, ka ja shi har layin ƙarshe:

```
=C2*D2
```

Ga dalili. A ce a rukunin shinkafa kana da manyan buhuna 20 a kan naira 70,000, da ƙanana 10 a kan 15,000. Na farko miliyan 1 da dubu 400 ne, na biyu dubu 150, jimilla 1,550,000. To idan ka tsallake wancan ginshiƙi ka yi ninkin a cikin PivotTable ta hanyar Calculated Field, sai ya fara tara adadin ya sami 30, ya tara farashin ya sami 85,000, sannan ya ninka: 2,550,000. Miliyan guda ke nan da babu ita a sito, kuma ba zai yi maka ko gyaran murya ba.

Farashin ma ka duba wanne yaron ya sa. In kana neman sanin inda jarinka yake kwance, farashin sari za ka yi aiki da shi, ba na sayarwa ba.

Sauran aikin ba wuya. Danna ko'ina cikin jerin, ka latsa Ctrl+T ya zama tebur, sai Insert, sai PivotTable, ka bar shi a sabon shafi. A hannun dama za ka ga sunayen ginshiƙanka. Ja Rukuni ka sauke a Rows, ja Daraja ka sauke a Values. Layi 800 sun koma goma sha wani abu. Sai ka danna dama a kan ɗaya daga cikin kuɗaɗen, ka zaɓi Sort, sannan Sort Largest to Smallest, rukuni mafi daraja ya hau sama. Ni nakan sake jawo Daraja karo na biyu cikin Values, in danna dama in zaɓi Show Values As, sai % of Grand Total, domin "shinkafa ta riƙe kashi 40 na jarina" ya fi saurin shiga kai a kan dogon adadi.

Adadi kuwa ban cika son a tara shi ba. Buhu 30 da katan 12 da sinƙi 50 in an haɗa su, 92 ɗin me ke nan?

Yanzu ka dubi kan ginshiƙin. In ka ga Count of Daraja maimakon Sum of Daraja, ƙirga layuka yake yi, ba tara kuɗi ba, kuma galibi wani gurbi ne ke ɗauke da rubutu a wurin lamba. Kana iya mayar da shi Sum a Value Field Settings, amma ka nemo gurbin tukuna. Idan yaro ya rubuta "N70,000" ko "buhu 20" a wurin lamba, Daraja ta wannan layi za ta nuna #VALUE!, ta kuma lalata jimillar rukunin baki ɗaya. Irin waɗannan lambobi sukan jingina ta hagu a cikin gurbi, na gaskiya kuwa ta dama suke.

Sai kuma rukuni ya fito sau biyu. "Man girki" da "Man-girki" abu biyu ne a wurin Excel, haka ma in an bar sarari a ƙarshen kalma, wanda ido ba ya gani. Kuɗin sai ya rabu, rukunin da ya kamata ya zo na biyu ya faɗo na biyar. Gyara rubutun a jerin asali, kada ka gyara a cikin PivotTable.

Ka kuma sani galibi PivotTable ba ya sabunta kansa da kansa. Duk ranar da mota ta sauke kaya daga Kano aka ƙara layuka, danna dama a kansa ka zaɓi Refresh. Amfanin Ctrl+T ɗin nan ke nan: sababbin layuka suna shiga teburin, ginshiƙin Daraja ya cika kansa. Bayan haka tara ginshiƙin Daraja a jerin asali, ka gwada da Grand Total. In sun saɓa ko da naira ɗaya ce, akwai layin da bai shiga lissafi ba.