Yaya, ga amsar maganar takardar nan

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Na iso Kumasi lafiya, amma maganar da ka yi mini a zauren gidanka na Gwammaja ta biyo ni har nan. Ka ce takardar da na rubuta wa malamar 'yarmu lokacin da kake Abuja ta yi gajarta, ba gaisuwa ba ban-gajiya, kuma a Kano mutum da ƙafarsa yake zuwa ya ga malami. Sai ka ƙara da cewa, "Anya ku mutanen zango kuna nan a Hausawanku kuwa?" Na san ba da wata manufa ka faɗa ba, amma ta tsaya mini a rai.

Ga takardar yadda na rubuta ta, sunan yarinyar da na mahaifinta kawai na cire:

"Laraba, 16 ga Oktoba. Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya, ya aiki. Ɗalibarki wance 'yar wane, ta aji huɗu, ba ta samu zuwa makaranta ba ranakun Litinin 14, Talata 15 da yau Laraba 16 ga wata, saboda zazzaɓin cizon sauro. An kai ta asibiti, yau take gama shan magani. In sha Allahu za ta dawo gobe Alhamis 17 ga wata. Muna roƙon ki nuna mata darussan da suka wuce ta, mu taya ta a gida. Allah ya saka da alheri. Ni ne ƙanin mahaifinta."

Sai na sa hannu, na rubuta lambar wayata a ƙasa.

Matarka ta so a rubuta cewa yarinya ba ta jin daɗi kwana biyu. Ni na hana. Kai ma ka san "kwana biyu" a bakinmu ba biyu ba ne. Yana iya zama uku, yana iya zama wata guda. Malama kuwa rajista ce a gabanta, kowace rana da gurbinta, kuma abin da take so ta sani shi ne waɗanne gurabe ne ke da uzuri. In ba ka ambaci ranakun ɗaya bayan ɗaya ba, ka bar mata aikin kintace. Haka "jiya" da "gobe". Takarda takan kwana a jakar yaro, wani lokaci ta kwana uku a tsakanin littafin lissafi, kafin ta isa hannun malami goben ta zama shekaranjiya. Shi ya sa na sa kwanan wata a sama, kuma kowace rana na haɗa ta da lambarta. Sunan uba ma dole ne, don da wuya ka shiga aji a Kano ka tarar da A'isha guda ɗaya tak.

Dalilin kuma layi ɗaya ya ishe shi. Ban faɗi sau nawa ta yi amai ba, ban faɗi kuɗin magani ba. Takarda ce da za a iya bari a kan tebur, 'yan aji su leƙa, su mayar da ciwon yarinya abin tsokana. Abin da malama ke bukata shi ne ta san ciwo ne, an nemi magani, kuma ba wanda zai bazu a aji ba ne. Da ƙyanda ce ko ciwon ido mai yaɗuwa, da na faɗa ƙarara, domin wannan ya shafi 'ya'yan mutane.

Ka ce gaisuwar ta yi kaɗan. Na yi sallama, na tambayi lafiya da aiki, na rufe da addu'a. Matar da take tsaye gaban aji cike da yara, da alli a hannu, in ka cika mata rabin shafi da ya gida ya yara ya sanyi, sai ta laluba kafin ta gano wace yarinya ake magana. A ganina girmama ta shi ne ta karanta a tsaye ta gane cikin minti ɗaya. Kuma ka lura roƙo na yi, ban ce "ki tabbata kin koya mata" ba. Ita ba 'yar aikin gidanmu ba ce.

To me ya sa muka riƙe takarda haka? Kai a Kano, malamin ɗanka wataƙila tare kuke sallar Magariba, ya san mahaifinka, ya san gidanku. Kalmarka ta baka tana da shaidu. Mu a nan malamar ɗana Ba'asantiya ce, ba ta jin Hausa, kuma wasu malaman sun riga sun ɗauka cewa ɗan zango in bai zo ba, ko yana makarantar allo ko an tura shi kasuwa. Shekarun baya babban ɗana ya kwanta ciwo ana gab da jarrabawa, na aiki yaron maƙwabta ya faɗa da baki. Yaron ya je ya ce wai mun yi tafiya. Ɗana ya rasa gwaji biyu, aka ƙi sake masa, don ba abin da zan nuna. Tun ranar ban sake aika saƙon makaranta da baki ba, kuma kowace takarda sai na ɗauki hotonta a waya kafin ta fita.

Abin ma ya girmi wannan. Kakanmu da fataucin goro ya kawo shi nan, amanar baki ya sani, ba rubutu. Amma a 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama wa'adin mako biyu su bar Gana, gidaje da yawa a zango sun watse. Baba, Allah ya jiƙansa, yana da wani gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, cike da rasit da takardun haihuwarmu, an naɗe su a leda an ɗaure da zare. Ko hannu ba ya bari mu sa. A gaban wannan gwangwani muka tashi.

Batun matata kuma, tunda na ji ana raɗe-raɗin ita ta sauya ni. E, Ba'asantiya ce, ta musulunta kafin aurenmu, kuma ita take rubuta takardar Turanci in ɗanmu bai je makaranta ba. Lokacin rasuwar mahaifinta ta rubuta ranakun da yara za su yi a garinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na yi da muka zo muku ta'aziyyar Inna: na ce za mu tsaya har sadakar bakwai, na kuma sa ranar dawowa, domin malamar ba ta san lissafin uku da bakwai da arba'in ba. Yaran nan suna jin Twi, yaren uwarsu, suna jin Hausa, suna zuwa makarantar allo. Na yarda Hausarsu ta zango ce, sukan ce "ya zo" ga mace, kuma na ga yadda 'ya'yanka suka yi ta dariya. Ƙaramar 'yata ta yi kuka a daren nan, ba ka sani ba.

Zuwa da ƙafa ban raina shi ba. In rashin zuwan ya kai mako guda, ko yaro ne ke ƙin makaranta don wani abu da ke faruwa a aji, takarda ba ta isa ba, sai uba ya je ya zauna da malami da hedimasta. Ranar Alhamis ɗin ma ni na raka yarinyar har bakin aji, na gaisa da Malama sosai. Ta buɗe rajista, ga takardar a maƙale a shafin, ta nuna mini shafukan lissafi biyu da aka yi a bayanta.

Ka gaida mini Hajiya, ka ce wa yarinya ta riƙa kwana cikin gidan sauro.