An cire kuɗi sau biyu, rasit ɗaya ya fito: ina ɗayan ya maƙale?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da yamma na sayi kayan abinci na naira 47,500 a wani kanti, na biya da kati a POS. Karon farko yaron kantin ya ce bai tafi ba, ya sake sa katin, rasit ya fito. Sai da na isa gida na ga alat biyu, kowanne 47,500. Na koma da safe, mai kantin ya rantse sau ɗaya kuɗi ya shigo masa. Wa zan kama, shi ko banki?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da haƙuri. Da farko dai, wannan rasit ɗin guda ɗaya ki ɗauke shi a hoto yanzu, kafin ki gama karanta wannan amsa. Takardar POS ba ta son zafi, in ta kwana biyu a jaka ko a mota rubutun dusashewa yake yi, kuma duk shari'arki a kanta take.

Ni ma mai kanti ne, na daɗe ina karɓar kuɗi da wannan na'ura, kuma an sha tsayawa a kaina ana cewa na ci kuɗin mutane. Wani lokaci da gaskiyar kwastoma, kuɗin yana wurina ban lura ba. Galibi kuwa ko ƙamshinsa bai iso ni ba.

Kafin ki kama kowa, ki tabbatar an cire sau biyun da gaske. Alat ba hujja ba ne, domin banki kan turo saƙo ɗaya sau biyu. Ki duba ragowar kuɗin da ke ƙasan kowane alat. In duka biyun ragowa ɗaya suka nuna, saƙo ne kawai ya maimaita kansa. In na biyun ya yi ƙasa da na farkon da 47,500, to an cire. Ki kuma shiga manhajar bankin ki duba jerin shige da fice na jiya da yau, don sau da yawa kuɗin yakan dawo cikin dare shiru, ba tare da alat ba.

To in an cire, ga yadda abin yake faruwa. Idan kika sa lambar sirri, na'urar ba da bankinki take magana kai tsaye ba. Saƙo ne yake tashi daga kanti, ya ratsa kamfanonin da ke tsakani, irin su NIBSS ko Interswitch, ya isa bankinki. Bankin ya cire kuɗin, ya aiko da amsa cewa ya amince, amsar ta biyo hanya ta dawo, sannan na'ura ta buga APPROVED. Na'urar tana da iyakar daƙiƙun da za ta jira. In sabis ya yi rauni, amsar ta makara ko ta ɓace a hanyar dawowa, na'ura za ta ce bai tafi ba, alhali bankinki ya riga ya cire. A ƙa'ida, nan take ya kamata wani saƙon ya tafi ya ce a mayar miki. Amma sabis ɗin da ya kasa kawo amsa, shi ne dai ake so ya kai saƙon mayarwa. Shi ya sa kuɗin yakan rataye a tsakani, ba ya hannunki, ba ya hannun mai kanti. Yadda kika ba da labarin, cewa sai da aka sake sa kati, wannan nake kyautata zato ya same ki.

Sai dai akwai ɗaya fuskar, kuma ita ce dalilin da ya sa ba zan ce ki yarda da rantsuwa kawai ba. Wani lokaci na farkon ya tafi lafiya, takarda ce ta ƙare ko ta maƙale, ko batir ya ɗauke daidai lokacin bugawa. Yaro ya ga babu rasit, sai ya ce bai tafi ba. A nan kuɗin duka biyu suna wurin mai kanti, ko da shi bai sani ba.

Rabewa tsakanin biyun ba wuya. Ki koma kantin da lalama, lokacin da babu cunkoso, ki ce a buɗe miki tarihin cinikin jiya a kan na'urar ko a manhajar mai kantin. Kowace na'ura tana ajiye shi, wasu a ƙarƙashin REPRINT, wasu a END OF DAY ko HISTORY. Ki nemi 47,500 na wannan lokacin. In kin ga biyu duka APPROVED, magana ta ƙare, shi zai mayar miki, ta tiransifa ya fi, don a sami shaida. In ɗaya APPROVED ne ɗaya kuma DECLINED ko FAILED, ki roƙi a buga miki na wanda bai tafi ba, ko ki ɗauki hoton allon. Sau da yawa za ki ga lamba 91 da rubutun Issuer or switch inoperative, wato an kasa samun amsa daga ɓangaren banki. Wanda ya tafi kuwa lambarsa 00. Mai kanti na ƙwarai ba zai hana ki gani ba. In ya hana, ki bar shi, ba a wurinsa kaɗai bayanin yake ba.

Yanzu ga wurin da mutane suke faɗuwa, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan doguwar amsa. A kan rasit ɗinki akwai lamba mai alƙaluma 12 da aka rubuta RRN a gabanta, da wata mai 6 da ake kira STAN, da TERMINAL ID, da lokaci. Kowane sa kati da nasa RRN. Cirewa biyu, RRN biyu. Wanda ke kan rasit ɗinki na cinikin da ya tafi ne, wanda kika karɓi kaya a kansa. Ba shi kike ƙara a kai ba. Ɗayan kike nema, marayan da ba shi da rasit.

Bari in ba ki abin da ya faru a kantina. Wani bawan Allah ya sayi kaya na naira 62,000 ana gab da magariba. Na farko ya yi ta juyi ya ƙi, aka sake, ya tafi, tsakaninsu bai fi minti biyu ba. Washegari ya zo da alat biyu. Na nuna masa na'ura, ɗaya ne ya shigo, na ce ya je bankinsa. Ya je, aka ba shi fom, da aka zo wurin lambar ciniki sai ya kwafe wadda ke kan rasit ɗin hannunsa, tunda ita kaɗai yake da ita. Bayan kwana biyu sai ga saƙo daga kamfanin na'urata cewa wani ya yi ƙorafi a kan ciniki kaza, in amince a mayar ko in ƙi da hujja. Na duba lambar, na ga ciniki ne da ya tafi, na ba da kaya. Na ƙi, na tura hoton rasit. Ban ma san nasa ba ne, don suna ba ya fitowa sosai, sai ƙarshen lambar kati. Bankinsa suka ce masa mai kanti ya kawo shaidar an ba shi kaya, an rufe magana. Ya dawo mini a fusace, har maƙwabta suka taru. Sai da muka zauna, na buga masa rasit na wanda ya faɗi, muka jera takardun biyu a kan kanta, ya ga lambobin sun bambanta a ƙarshe, da lokacin. Ya koma ya sake shigar da ƙorafi da lambar daidai, kuɗinsa suka dawo a cikin satin. Kusan sati uku ya yi yana zirga-zirga a kan kuskuren layi ɗaya a fom.

Saboda haka in kin je bankinki, wato bankin da ya ba ki katin, ba na mai kanti ba, ki ce wa ma'aikacin ya buɗe miki cirewar biyu ya karanto RRN na kowacce. Ki ce masa: wannan mai rasit na yarda da shi, ɗayan nake ƙorafi. Ki rubuta haka ƙarara a fom ɗin, da rana, da lokaci, da adadi, da TERMINAL ID, da alƙaluma huɗu na ƙarshen katinki. Ki haɗa da hoton rasit, da na wanda ya faɗi in kin samu. Kada ki fito sai an ba ki lambar ƙorafi. In ta manhaja ko imel kika shigar, ki ajiye saƙon da suka maido. "Ki je gida zai dawo da kansa" ba lambar ƙorafi ba ce. Gaskiya ne yakan dawo da kansa, da yawa ma cikin awa 24, shi ya sa in yau abin ya faru nakan ce a jira zuwa gobe. Naki ya riga ya kwana, kada ki ƙara masa kwanaki, don akwai wa'adin shigar da irin wannan ƙorafi kuma in ya tsufa wahala yake ƙarawa.

Game da tsawon jira, tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware rigimar cinikin POS cikin awa 72, maimakon kwana 5 da ake yi a da. A aikace yakan wuce haka, musamman in ƙarshen mako ya gitta, amma ambaton wannan umarni a gaban ma'aikaci yana sa a ɗaga kai a dube ki. In sati biyu suka cika ba su warware ba, kina da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin, a cpd@cbn.gov.ng. Abin da za su fara nema shi ne shaidar kin kai wa bankinki tukuna, wato wannan lambar ƙorafin.

Kada kuma ki matsa wa mai kantin ya ba ki tsabar kuɗi in na'urarsa ta nuna ɗaya ne ya shigo. Na san wanda kunya ta sa ya biya daga aljihunsa, kuɗin ya koma wa kwastoma daga banki, kwastoman kuma bai sake bin ta layin ba. Haka nan in duka biyun sun shiga wurinsa, ku zaɓi hanya ɗaya: ko ya tura miki ki bar maganar banki, ko ki shigar da ƙorafi shi kuma ya amince da shi in saƙon ya zo masa. In aka haɗa biyun, za a cire masa bayan ya biya ki, ya zama ke ce ke riƙe da haƙƙinsa.

Tunda kin sa maganar a fili, ki sa ran wasu za su biyo ki ta akwatin saƙo da sunan ma'aikatan banki, su ce ki turo cikakkiyar lambar kati ko lambar da aka aiko miki ta waya don a mayar da kuɗin. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki.

Mu a kantinmu yanzu, in ya ƙi tafiya, ba a sake sa kati sai an buga takardar DECLINED an miƙa wa kwastoma, shi kuma ya duba ragowar kuɗinsa a waya. In kin je bankin, ki dawo ki faɗa mana abin da RRN ɗin biyu suka nuna, in akwai inda ya cije sai mu duba tare.